Yadda ake lissafin zafin da ke zurarewa ta iskar da ke tsakanin gilasan taga biyu

A ƙasashen sanyi ba a cika sa wa gida taga mai gilashi ɗaya ba. Falle biyu ake haɗawa, a bar 'yar tazara a tsakani, a liƙe gefuna yadda iskar ciki ba ta da hanyar fita. Gilashin kansa bai iya tare zafi ba, domin falle mai kaurin milimita 4 zafi na ratsa shi kamar babu komai. Iskar da aka kulle a tsakiya ita ce mai aikin. Matsalar ita ce iskar ba ta zama wuri ɗaya. Wadda ke jikin gilashin ɗaki tana ɗumama, ta yi sako-sako, ta hau sama. Wadda ke jikin gilashin waje tana yin sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro. Da haka sai ta riƙa zagaye a hankali cikin ɗan kurkukunta, tana kwasar zafi daga wannan gefe tana sauke shi a wancan, ba fanka, ba mai tura ta. Wannan zagaye ne injiniyoyi ke kira kanbekshan na ɗabi'a.

Bin diddigin motsin iskar da lissafi aiki ne mai wuya. Shi ya sa aka samo dabara: a ɗauka iskar a tsaye take cik kamar allon katako, amma a ƙara mata ƙarfin ratsar da zafi daidai gwargwadon abin da zagayen ke ƙarawa. Wannan ƙarfi da aka gyara shi ne k_eff, kuma ana samunsa ne ta hanyar ninka k, wato ƙarfin ratsar da zafi na ainihin iska, da lambar Nusselt, Nu:

```
k_eff = k × Nu
Q = k_eff × A × (T1 − T2) / L
```

A nan Q shi ne zafin da ke zurarewa, A filin tagar, L faɗin tazarar, T1 da T2 kuma zafin fuskokin gilasan biyu. Idan Nu ya zo 1, motsin iskar bai taimaka wa zafi da komai ba, ratsawa ce zalla. Idan ya zo 2, zagayen ya ninka asarar. Saboda haka duk wahalar aikin tana wajen nemo Nu. Bari mu ɗauki taga guda mu bi ta har ƙarshe.

Tagar da za mu yi aiki da ita

Tsayinta mita 0.9, faɗinta mita 1.2, wato filinta murabba'in mita 1.08. Tazarar da ke tsakanin gilasan milimita 25 ce, ko mita 0.025, kuma iska ce ta yau da kullum a ciki. Fuskar gilashin ɗaki da ke kallon tazarar tana kan digiri 16, ta gilashin waje kuma tana kan digiri 4. Bambancinsu digiri 12.

Tsaya nan tukuna, domin a nan mutane da yawa ke fara ɓata. Digiri 16 da 4 ɗin nan zafin fuskokin gilashi ne, ba zafin iskar ɗaki da ta waje ba. A yanayin da zai ba da waɗannan lambobi, ɗakin yana wajen digiri 25, waje kuma wajen digiri 1. Wanda ya ɗauki 25 da 1 ya zuba cikin lissafin tazara ya yi aiki da bambancin digiri 24 ke nan, kuma amsarsa za ta haura ninki biyu na gaskiya. Za mu dawo kan yadda ake yi idan zafin ɗaki da na waje kawai aka ba ka.

Mataki na farko: halayen iska

Ana karanta halayen iskar a matsakaicin zafin fuskokin biyu. Haɗa 16 da 4 ka raba biyu, ka sami digiri 10, wato 283 a ma'aunin Kelbin. Ka buɗe jadawalin halayen iska da ke bayan littafinka, ka nemi layin digiri 10. Za ka ga lambobi kusa da waɗannan, inda ν yake auna danƙon iska, Pr kuma, lambar Prandtl, yake kwatanta danƙon da saurin bazuwar zafi:

```
k  = 0.025 W/m·K
ν  = 1.42×10⁻⁵ m²/s
Pr = 0.71
β  = 1/283 = 0.003534 K⁻¹
```

Jadawalai sukan ɗan saɓa wa juna a lamba ta uku, wani ma ya ba ka Pr na 0.73. Kada wannan ya dame ka, tasirinsa kan amsa kaɗan ne. Wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne β, ma'aunin yadda iska ke buɗewa idan ta ɗumama. Ga iska, ɗaya ne bisa zafin da aka auna da Kelbin. Idan ka manta ka rubuta ɗaya bisa 10 maimakon ɗaya bisa 283, ka kumbura lambar Rayleigh da za mu nema yanzu har sau 28, Nu kuma zai fito sama da 4. Taga irin wannan ba ta ba da Nu na 4. Da ka ga haka, koma ka duba β.

Mataki na biyu: lambar Rayleigh

Lambar Rayleigh tana auna kokawar da ake yi a cikin tazarar. A gefe guda akwai ƙarfin da ke ɗaga iska mai ɗumi. A ɗaya gefen akwai danƙon iskar da ke riƙe ta, da kuma yadda zafi ke bazuwa ya shafe bambancin kafin iskar ta motsa. Idan lambar ƙarama ce, danƙo ya yi nasara. Idan babba ce, zagaye ya kankama.

```
Ra = g × β × (T1 − T2) × L³ × Pr / ν²
```

Tsawon da ake sakawa a nan faɗin tazarar ne, L, ba tsayin tagar ba. Na taɓa duba takardar wani ɗalibi da ya saka mita 0.9, domin ya saba da lissafin bango guda da ke tsaye a buɗaɗɗen fili, inda tsayi ne ake amfani da shi. Ra ɗinsa ya fito sama da biliyan ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ci gaba abinsa. A tazara rufaffiya, nisan da zafi zai tsallaka shi ne abin aunawa.

Yi lissafin daki-daki. Ninka g, wato jan ƙasa na 9.81, da 0.003534 da 12, ka sami 0.416. L sau uku, wato 0.025 × 0.025 × 0.025, ya ba da 1.5625×10⁻⁵. Ninka su biyun ka sami 6.50×10⁻⁶. Raba da ν sau biyu, wato 2.016×10⁻¹⁰, ka sami wajen 32,200. Wannan ita ce lambar Grashof. Ninka ta da 0.71, Ra ya zama wajen 22,900.

Ka lura L yana shiga ne sau uku. Ninka tazara sau biyu yana ninka Ra sau takwas. Kuskuren awo na milimita biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne a nan, kuma wanda ya manta ya mayar da milimita zuwa mita amsarsa ta tafi daji.

Mataki na uku: zaɓen ƙa'idar Nusselt

Ba wata ƙa'ida guda da ta dace da kowace taga. Waɗanda ake da su an fitar da su ne daga gwaje-gwaje da lissafin kwamfuta, kuma kowace tana da iyakar inda aka gwada ta. Kafin ka zaɓa, nemi rabon tsayi, H, da tazara, L. A tagarmu 0.9 bisa 0.025 ne, wato 36.

Ga tazara a tsaye mai rabo tsakanin 10 da 40, kuma Ra tsakanin 10,000 da miliyan 10, wadda aka fi koyarwa ita ce ta MacGregor da Emery, da suka wallafa a 1969:

```
Nu = 0.42 × Ra^0.25 × Pr^0.012 × (H/L)^(−0.3)
```

Rabonmu 36 ya shiga, Ra na 22,900 ma ya shiga. Akwai ɗan tsaiko guda: an tsara ƙa'idar ne don Pr daga 1 zuwa sama, iska kuwa 0.71 take da shi. An saba amfani da ita ga iska duk da haka, domin Pr ba ya wani tasiri a cikinta, amma ya kamata ka rubuta a gefen aikinka cewa ka ɗan taka iyaka.

Tushe na huɗu na 22,900 shi ne 12.3. Idan kwakuletarka ba ta da maɓallinsa, danna tushen murabba'i sau biyu. Pr da aka ɗaga zuwa 0.012 ya ba da 0.996, kusan ɗaya. 36 da aka ɗaga zuwa −0.3 ya ba da 0.341. Ninka 0.42 da waɗannan ukun, Nu ya fito 1.76.

Alamar ragewa da ke kan 0.3 tana da ma'ana. Tana cewa doguwar tazara siririya ta fi gajera tare zafi. Dalili kuwa, a doguwar tazara iskar da ke hawa da wadda ke sauka suna tafiya ne kusa da juna a layi biyu, kuma tafiyar da ke bin tsayin gilashi ba ta tsallakar da zafi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai a can sama da can ƙasa, inda iskar ke juyawa, take ɗaukar zafi ta kai wa ɗaya gilashin kai tsaye. Yawan tsayi na nufin waɗannan wuraren juyawa sun zama ƙaramin kaso na tagar. Shi ne ma ya sa da safiyar sanyi raɓa ke fara taruwa a gindin gilashin ɗaki: nan ne iskar da ta gangaro da sanyi ke juyowa ta bugi gilashin ciki, ga kuma ƙarfen da ke raba gilasan a gefe yana ƙara jan zafi.

Mataki na huɗu: k_eff da asarar zafi

Abin da ya rage mai sauƙi ne.

```
k_eff = 0.025 × 1.76 = 0.044 W/m·K
Q = 0.044 × 1.08 × 12 / 0.025 ≈ 22.8 W
```

Wajen wat 23 ke tsallaka iskar. Da iskar a tsaye take, wat 13 kawai za a rasa. Zagayen ya ƙara kusan wat 10.

Ni ba na yarda da amsar ƙa'ida ɗaya sai na gwada ta da wata. Masu ƙera tagogi a Turai suna aiki da ma'aunin EN 673, wanda ga gilashi a tsaye ya ba da wannan:

```
Nu = 0.035 × Ra^0.38      (idan Nu ya gaza 1, ɗauki 1)
```

Da Ra namu, Nu ya fito 1.59, asarar kuma wat 20.6. Bambancin amsoshin biyu kusan kashi 10 cikin ɗari ne, kuma wannan shi ne ainihin girman tabbacin da irin wannan lissafi ke bayarwa. Wanda ya rubuta 22.784 yana yaudarar kansa ne. Ka ce tsakanin 21 da 23, ka fi shi gaskiya.

Sharaɗin nan na cewa Nu ba ya sauka ƙasa da 1 ya shafi kowace ƙa'ida. A ce taga ce mai tsayin mita 1.5 da tazarar milimita 16. Rabonta ya kai 94, Ra kuma wajen 6,000, duka biyun sun fita daga iyakar MacGregor da Emery. Idan ka tilasta lambobin ciki za ka sami Nu na 0.94. Wannan ba zai yiwu ba, domin motsin iska ba zai sa zafi ya ratsa ƙasa da yadda yake ratsa iska mai tsayuwa ba. Amsar tana gaya maka ne cewa zagayen bai da ƙarfi, sai ka ɗauki Nu a matsayin 1, k_eff ya zama k. Yawancin tagogin gidaje na zamani a wannan yanki suke.

Kason da ake mantawa

Wat 23 ba ita ce asarar tagar ba. Ita ce kason da ya bi ta iska. Gilasan biyu suna fuskantar juna, kuma mai ɗumin yana aika wa mai sanyin huci kai tsaye, irin hucin da kake ji a fuska idan ka zauna nesa da garwashi. Wannan radiyeshan ba ruwansa da iska, kuma k_eff bai ƙunshe shi ba. Dole a lissafa shi daban a haɗa.

Gilashin da ba a shafa masa komai ba yana da ƙarfin fitar da huci, ε, na wajen 0.84. Ga falle biyu masu fuskantar juna:

```
ε_eff = 1 / (1/ε1 + 1/ε2 − 1) = 0.724
Q_rad = ε_eff × σ × A × (T1⁴ − T2⁴)
σ = 5.67×10⁻⁸ W/m²·K⁴
```

Nan ma Kelbin ne tilas: 289 da 277. Ɗaga kowanne sau huɗu ka cire, bambancin ya kai 1.088×10⁹. Ninka da σ ka sami wat 61.7 a kowane murabba'in mita. Ninka da 0.724 da 1.08, ka sami wajen wat 48.

Jimilla wat 71 ke nan, kuma kashi biyu cikin uku huci ne. Duk gumin da muka yi kan Rayleigh da Nusselt a kan kashi ɗaya cikin uku muka yi shi. Idan aka yi wa fuska ɗaya siririn shafen ƙarfe mai rage huci, irin wanda ke sauko da ε zuwa 0.05, ε_eff zai koma wajen 0.05, hucin ya faɗo zuwa wat 3 da 'yan kai, jimilla ta zama wat 26 idan zafin fuskokin bai canja ba. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohon filas ɗin shayi ya ga gilashinsa na ƙyalli kamar madubi ya riga ya ga dabarar: an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayen don kashe ratsawa da zagaye, an shafa azurfa don kashe huci.

Faɗaɗa tazara, har ina?

Hankali zai ce ƙara tazara, ƙara kariya. Gaskiya ne, amma zuwa wani wuri kawai. Ga abin da ƙa'idar EN 673 ta ba ni da na riƙe tagarmu da bambancin digiri 12, ina canja tazara kawai. A milimita 6, Ra bai wuce 320 ba, Nu 1 ne, iskar na zurarar da wat 54. A milimita 12 asarar ta rabu biyu, wat 27. A milimita 16 ta sauko wat 20. Daga nan sai ta ƙi gaba: a milimita 20 kusan wat 20 ɗin dai, a 25 wat 20.6, a 40 kuma ta ɗan hau zuwa 22.

Dalilin yana cikin lissafin kansa. Q yana tafiya ne da Nu bisa L. Muddin Nu na nan a 1, ƙara L riba ce tsantsa. Da zarar zagaye ya fara, Nu yana girma kusan daidai da yadda L ke girma, abin da ka samu ta nan ka rasa ta can. Shi ya sa za ka ga tagogin kasuwa suna yawan zuwa da tazarar milimita 12 zuwa 16. Mai son ƙarin kariya ba faɗi yake ƙarawa ba. Ko dai ya sa gilashi na uku ya raba tazarar gida biyu, ko ya cika ta da iskar argon, wadda k ɗinta yake wajen 0.017, kusan kashi biyu cikin uku na iskar yau da kullum. Idan argon ne a ciki, matakan ba su canja ba, sai dai ka ɗauko k da ν da Pr na argon.

Duk wannan ga gilashi a tsaye ne. Tagar rufi da ke kwance labarinta daban. Idan ɗumin daga ƙasa yake, kamar ɗaki mai ɗumi a lokacin sanyi, iskar tana zaune har sai Ra ya haura 1708, daga nan ta fara juyawa a ƙananan da'irori, kuma ƙa'idojin da muka yi amfani da su ba su dace ba. Idan ɗumin daga sama yake, iska mai ɗumi ta riga ta zauna inda take so, Nu ya tsaya a 1.

Idan zafin ɗaki da na waje kawai aka ba ka

A aikin gaske da wuya a miƙo maka zafin fuskokin gilashi. Abin da za ka sani shi ne ɗaki 25, waje 1. Sai ka yi hasashe ka gyara. Fara da ƙiyasin cewa wajen rabin bambancin yana faɗuwa ne a kan tazarar, wato digiri 12, ka yi duk lissafin da muka yi, ka sami wat 71. Raba da filin tagar, ka sami wat 66 a kowane murabba'in mita.

Yanzu gwada hasashen. Tsakanin iskar ɗaki da gilashi ana ɗaukar ma'aunin musayar zafi na wajen 7.7, a waje kuma wajen 25 saboda kaɗawar iska. Raba 66 da 7.7, ka ga digiri 8.6 sun faɗi a gefen ɗaki. Gilashin mai milimita 4, da k na wajen 1, yana cin kusan digiri 0.3 kawai. Cire su daga 25, fuskar ciki ta zo 16.1. A waje, 66 bisa 25 ya ba da 2.6, haɗa da 0.3 na gilashi da digiri 1 na waje, ka sami 3.9. Mun yi hasashen 16 da 4, mun sami 16.1 da 3.9. Ya isa. Da sun yi nisa da hasashen, sai ka ɗauki sabbin lambobin ka sake zagayowa, kuma sau biyu ko uku yakan wadatar.

Akwai gwaji na ƙarshe da ke kama manyan kurakurai. Raba 66 da bambancin ɗaki da waje, digiri 24, ka sami 2.75. Wannan shi ne ma'aunin U na tsakiyar gilashin, kuma tagar falle biyu mai iska, marar shafe, an san tana faɗawa wajen 2.7 zuwa 2.9. Falle ɗaya yana kusa da 5.8. Idan lissafinka ya ba ka 1 ga gilashi marar shafe, ka manta da huci. Idan ya haura na falle ɗaya, duba β da L. Ka kuma tuna cewa firam da gefunan taga ba su cikin wannan lamba, kuma firam ɗin alminiyam da ba a raba cikinsa da wajensa ba yana iya zurarar da zafi fiye da gilashin a kowane murabba'in mita.

Ga mai aiki a Kano ko Yamai, inda damuwar ita ce zafin waje na kutsowa ɗaki mai na'urar sanyaya, matakan suna nan yadda suke, zafin ne kawai ya juya alkibla: gilashin waje ne mai ɗumi, iskar ta hau ta gefensa ta sauko ta gefen ɗaki. Karanta halayen iskar a matsakaicin zafin da ya fi namu, misali digiri 32, inda ν ya fi girma, β ya fi ƙanƙanta, Ra kuma ya ragu. Amma lissafin bai ƙunshi hasken rana da ke ratsa gilasan ya faɗo cikin ɗaki ba. A tagar da ke kallon yamma da la'asar, wannan hasken yana shigo da ɗaruruwan wat a kowane murabba'in mita, ya ninka abin da ke bi ta tazarar sau da yawa, don haka sai an yi masa nasa lissafin daban.